Yadda Ake Rubuta wa Malami Wasiƙar Neman Ƙarin Wa'adin Aikin Manhaja Saboda Rashin Lafiya

Malamin da ke koyar da rubuta manhaja a aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yake ko a Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, yakan karɓi saƙon "ba ni da lafiya" a kowane mako da aka sa ranar miƙa aiki. Yawancin masu aikowa gaskiya suke faɗa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya duba jadawalin samista, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Amma malamin ba likita ba ne, ba zai iya gane mai gaskiya daga kalaman ban tausayi ba. Abin da zai iya aunawa abu uku ne: kwana nawa ciwon ya ci maka, ina aikin ya tsaya, kuma wace rana za ka kawo shi. Wasiƙar da ta amsa waɗannan ukun tana ba shi damar cewa "na amince" a layi guda. Wadda ba ta amsa su ba tana ɗora masa aikin yi maka tambayoyi, kuma malamin da ke da tarin takardu a gabansa sau da yawa ajiye ta zai yi ya ce sai anjima.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka kai ɗalibin aji biyu ne a sashen kimiyyar kwamfuta, an ba ku aikin rubuta manhajar rajistar aron littattafai da Java, kowa nasa shi kaɗai, za a miƙa ranar Juma'a da sha biyun rana tare da ɗan rahoto. Zazzaɓi ya kama ka daren Lahadi. Ranar Litinin ka je asibiti, gwajin jini ya nuna maleriya, aka ba ka magani na kwana uku, likita ya rubuta maka hutun kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Ina cewa "ka" ne don sauƙi, matakan ɗaya ne ga ɗaliba.

Takardar asibiti tun kana wurin

Mataki na farko yana faruwa ne kafin a ɗauki alƙalami. Kana gaban likita, ka ce masa kai ɗalibi ne, kana da aikin da za ka miƙa a cikin makon, kana buƙatar takardar da ke nuna an duba ka. Kada ka bari sai ka warke ka koma nema, domin a lokacin wanda ya duba ka ƙila ba ya bakin aiki, kuma takardar da aka rubuta bayan mako guda ba ta da ƙarfin wadda aka rubuta a ranar.

Kafin ka fita, ka duba takardar da idonka. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a rajistar makaranta, ba laƙabin gida ba. Ranar da aka duba ka ta fito. Adadin kwanakin hutu ya fito, domin shi ne ginshiƙin lissafin da za mu yi nan gaba. A ƙarshe, sa hannu da hatimin asibiti. Idan ɗaya daga ciki babu, ka koma ka roƙa a cika.

Asibitin makaranta ya fi sauƙi, don malamai sun saba da takardarsa. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya je sikbe, wato asibitin makarantar da ke Samaru, ko aka tura shi asibitin koyarwa na Shika, ya riga ya huta da tambayoyi. Wanda kuma ciwon ya same shi a gida, aka kai shi wani asibiti a cikin birnin Zariya ko Tudun Wada ko Sabon Gari, ya kai takardar asibitin makaranta su duba su sa mata hannu da zarar ya iya tashi, domin manyan makarantu da yawa sai da hakan suke karɓar takardar waje.

Akwai wanda bai je asibiti ba sam, kyamis ya aika aka sayo masa magani ya kwanta a ɗaki. Wannan shi ne halin ɗalibai da yawa, kuma ba dalili ba ne na fasa rubuta wasiƙa. Ka faɗi gaskiya cewa a ɗaki ka yi jinya, kuma idan har yanzu jikin bai sake ka ba, ka je a duba ka yau, ko don lafiyarka. Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne neman takardar bogi. Rashin makin aiki guda abu ne da ake farfaɗowa daga gare shi, amma takardar jabu laifi ne da ke kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.

Ka tsayar da aikin a inda yake

Nan ne aikin manhaja ya bambanta da sauran ayyukan makaranta, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin asarar hujjar da ke hannunsu. Kod yana ɗauke da tarihinsa. Idan kana amfani da Git, umarni ɗaya zai fito maka da ranakun da ka yi aiki da abin da ka yi a kowace rana:

```
git log --date=short --pretty="%ad %s"
```

Abin da malami zai gani shi ne jerin ranaku suna bin juna cikin makonni biyu, sannan ɗif, suka tsaya ranar Lahadi. Wannan shirun ya dace da ranar da ke kan takardar asibiti, kuma dacewar biyun ta fi dogon rantsuwa tasiri. Ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar ka ajiye. Malamin ya san ana iya wasa da ranakun Git, don haka ba shi kaɗai zai dogara da shi ba, tallafi ne ga takardar likita. Idan ba ka amfani da Git, buɗe foldar aikin, ka jera fayilolin bisa `Date modified`, ka ɗauki hoton kafin ka buɗe kowane fayil ka sake adana shi.

Idan jerin ya nuna ba ka taɓa aikin ba sai kwana biyu kafin ciwon fa? To kada ka haɗa hoton, kuma kada ka rubuta cewa ka kusa gamawa. Ka faɗi inda kake, ka nemi kwanakin da takardar likita ta ba ka kawai. Malami zai iya cewa ka turo abin da ka yi yanzu, kuma idan ka ce saura ƙiris ya buɗe ya ga fayil biyu, maganar ta mutu.

Bayan haka, ka tabbatar abin da ke hannunka yana tashi. Ko minti goma ne ka samu ƙarfin zama, ka gwada:

```
javac -d out src/*.java
java -cp out Main
```

Idan wani sashe da ba ka gama ba yana hana sauran haɗuwa, ka rufe shi da `//` na ɗan lokaci don sauran su yi aiki. Manhajar da ke yin abu biyu cikin huɗu tana da maki. Wadda ta ƙi tashi gaba ɗaya, ko da kashi tara cikin goma an rubuta, mai dubawa ba shi da abin da zai gwada. Sannan ka naɗe ta:

```
git archive -o aiki.zip HEAD
```

Ka lura wannan umarnin abin da ka riga ka yi wa `commit` kawai yake ɗauka, don haka ka fara yin `commit` ɗin. Kuma kod ɗin kaɗai za ka aika, ban da fayil mai `.jar` ko `.exe`, domin Gmail yana ƙin irinsu ko da a cikin `.zip` suke. Ɗalibi zai iya danna aikawa daga waya yana cikin jiri, ya ajiye ta ya kwanta, bai lura saƙon bai tafi ba.

Lissafin kwanaki

Wannan shi ne zuciyar wasiƙar, kuma a nan nake so ka daɗe.

"Ina roƙon a ƙara mini ɗan lokaci" ba buƙata ba ce da malami zai iya amsawa. Nawa ne ɗan lokaci? Idan ya ba ka kwana biyu alhali kana buƙatar biyar, za ka dawo da wasiƙa ta biyu, kuma ta biyu ba ta cika samun karɓuwa ba. Idan kuma ka ce mako biyu a kan zazzaɓin kwana huɗu, ya gane ba ciwon kaɗai kake son rufewa ba. Ranar da za ka nema dole ta fito daga lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya.

Ka ɗauki takardar aikin da malam ya bayar, ka bi abubuwan da ya nema ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu, shigar da littattafai da mambobi ya kammala. Ba da aro da karɓar dawowa ya kammala. Adana bayanai a fayil ya kai rabi: yana rubutawa, amma in aka zo karantawa sai ya faɗi da `NumberFormatException` duk lokacin da sunan littafi ke da waƙafi a cikinsa, saboda waƙafin yana gusar da sauran bayanan daga gurabensu, sai manhajar ta tarar da rubutu a inda take jiran lamba. Lissafin tarar wanda ya makara ba a fara ba. Gwaji da rahoto ma haka.

Yanzu ka sa wa kowanne awanni, kuma ka yi wa kanka adalci. Gyaran fayil da kammala shi, awa 6. Lissafin tara, awa 4. Gwaji, awa 3. Rahoto, awa 5. Jimilla awa 18. Sashen da ke da matsalar da ba ka gama gane ta ba, shi za ka ba lokaci mai yawa, domin rubuta sabon kod ana iya ƙiyasta shi, amma farautar kuskure takan ci ninkin abin da mutum ya zata.

Sai ɗaya ɓangaren: awa nawa za ka iya yi a rana? Ba awannin mai lafiya ba. Wanda ya gama shan maganin maleriya ranar Laraba ba ya tashi ranar Juma'a da ƙarfinsa na da. Kasala tana nan, kai yana nauyi, hasken kwamfuta yana damun ido. Ga laccocin da suka wuce ka, ga wutar da ba ta da tabbas, laftof ɗin kuma batirinta ba ya wuce awa biyu sai ka nemi wurin caji. Don haka a misalinmu: Juma'a awa 2, Asabar 4, Lahadi 4, Litinin 3, Talata 3, Laraba 2. Awa 18 sun cika ranar Laraba da dare, wato za ka iya miƙawa ranar Alhamis. Ƙarin kwana shida ke nan daga Juma'ar farko.

Ga inda matsalar take. Takardar likita kwana huɗu ta ce, kai kuma lissafinka shida ya bayar. Malami zai ƙirga huɗu daga Juma'a ya tsaya a Talata, kuma yana da gaskiya, domin dole ya yi wa sauran ajin adalci. Akwai masu share wannan giɓin su yi fatan ba za a lura ba. Za a lura. Hanyar da ta fi ita ce ka raba aikin. Dubi lissafin kuma: gyaran fayil da tara da gwaji awa 13 ne, kuma Juma'a zuwa Litinin awa 13 ne cif. Ke nan kod ɗin zai kammala daren Litinin, ka miƙa shi Talata da sha biyun rana, daidai da kwana huɗun da takarda ta ba ka. Rahoton kaɗai ne zai kai Alhamis. Yanzu buƙatarka ta zama mai sauƙin amincewa: babban abin yana cikin haƙƙinka, ƙaramin ne kake neman alfarma a kansa. Ko da malam ya ce a'a ga rahoton, ka san me za ka taƙaita.

Abu ɗaya kuma kafin ka tsayar da rana: ka tambayi wakilin aji ko malam ya sa ranar gabatar da aikin a gabansa, ko ranar da zai yi bitar amsa a aji. Ranar da ka nema ta zo kafin wannan. Da zarar an nuna wa aji yadda ake warware aikin, ƙarin wa'adi ya zama abu mai wuya ko ga malami mai tausayi. Haka nan makin aiki yana shiga cikin makin gwaji na samista, wanda yawanci 30 ne ko 40 cikin 100, kuma malami yana da ranar da shi ma zai miƙa shi ga sashe. Idan samista ta zo ƙarshe, sararin da yake da shi kaɗan ne.

Wasiƙar kanta

Ka aika ta kafin wa'adi ya cika. A misalinmu Talata ko Laraba, ranar da zazzaɓin ya ɗan sauka har ka iya riƙe waya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wasiƙar Laraba neman izini ce, ta Asabar kuwa neman afuwa ce, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Harshen aiki a makarantun nan Turanci ne, da shi za ka rubuta taka, amma ginin ɗaya ne, ga shi nan yadda ya kamata ta tsaya. A kan imel, layin take ya ɗauki lambar kwas, lambar rajistarka, da abin da kake nema, domin malami yana koyar da kwas fiye da ɗaya kuma da lamba yake neman ɗalibi a takardarsa. A kan takarda kuwa, adireshinka da kwanan wata a sama, sannan sunan malam da muƙaminsa da sashensa. Idan Dakta ne ka ce Dakta, idan Farfesa ce ka ce Farfesa, ka duba rubutun sunan a ƙofar ofis ko a takardar kwas.

Zuwa ga Dakta [suna],
Sashen Kimiyyar Kwamfuta.

NEMAN ƘARIN WA'ADIN MIƘA AIKIN [lambar kwas] SABODA RASHIN LAFIYA

Ranka ya daɗe,

Sunana [cikakken suna], mai lambar rajista [lamba], ɗalibin aji biyu a kwas ɗinku na [lambar kwas]. Ina neman izinin ɗage mini ranar miƙa aikin rajistar aron littattafai, wanda wa'adinsa ke cika ranar Juma'a [kwanan wata] da ƙarfe 12 na rana.

Na kamu da zazzaɓin maleriya daren Lahadi. An duba ni a asibitin makaranta ranar Litinin, likita ya ba ni hutun kwana huɗu, daga Litinin zuwa Alhamis. Kwafin takardar yana haɗe da wannan wasiƙa, kuma zan kawo ta asali ofis idan kuna buƙata.

Kafin na kwanta na kammala shigar da littattafai da mambobi, da ba da aro da karɓar dawowa. Adana bayanai a fayil yana da kuskuren da ban gyara ba tukuna. Lissafin tara, gwaji da rahoto su ne suka rage. Na haɗa aikin yadda yake a yanzu, tare da hoton ranakun da na yi aiki a kansa.

Ina roƙon ku ba ni dama in miƙa kod ɗin ranar Talata [kwanan wata] da ƙarfe 12 na rana, wato ƙarin kwana huɗu, rahoton kuma ranar Alhamis [kwanan wata] a daidai wannan lokaci. Idan hakan ba zai yiwu ba, ina roƙon a duba abin da na haɗa a matsayin abin da na miƙa a kan lokaci, kuma zan bi duk ranar da kuka ga ta dace.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

[Sa hannu, suna, lambar rajista, lambar waya]

Dubi yadda buƙatar ta fito tun a sakin layi na farko. Mun saba da doguwar gaisuwa, kuma a baki ita ce ladabi, amma a wasiƙar aiki ladabin shi ne kada ka sa malam ya karanta layi goma kafin ya san me ke tafe da kai. Ka ajiye gaisuwar iyali da ta aiki zuwa ranar da ka shiga ofis.

Bayanin ciwon jimla biyu ne. Ba a buƙatar amai nawa ka yi ko ƙarin ruwa leda nawa aka sa maka. Idan ma ciwon irin wanda ba ka son a sani ne, ba dole ka ambaci sunansa ba. "Likita ya ba ni hutun kwana huɗu" ya wadatar, kana iya roƙon likitan ma ya rubuta takardar ba tare da sunan cutar ba. Kuma takardar asibitinka ba ta guruf ɗin aji ba ce, malam kaɗai za ka tura wa.

Jimlar ƙarshe ta sakin layi na huɗu ita ce ta fi kare ka. Da ka haɗa aikin yadda yake kafin Juma'a, ko an ƙi buƙatarka ba ka tashi a tutar babu ba, akwai abin da za a ba maki. Idan akwai shafin da ake ɗora aiki, irin su Moodle ko Google Classroom, ka ɗora rabin aikin a can ma kafin lokaci ya cika.

Abubuwan da za ka cire idan sun shigo: cewa makinka zai lalace, cewa iyayenka talakawa ne, cewa wane ma an ƙara masa bara. Na farko malam ya sani. Na biyu gaskiya ce mai nauyi, amma ba ita ce dalilin wannan buƙatar ba, kuma tara dalilai yana raunana na ainihin. Na uku kuwa yana sa shi ya ji ana matsa masa. Haka nan kada ka haɗa ciwo da lalacewar laftof da rashin wuta a wasiƙa ɗaya, ko da duk sun faru. Ka tsaya a kan wanda kake da takardarsa.

Hanyar isar da ita

Ka bi hanyar da malamin ya faɗa a farkon samista. Wanda ya ce imel, imel. Wanda ya ce komai ya biyo ta wakilin aji, ka ba wakilin aji a cikin ambulan a rufe. Ga wanda ba ya duba imel sosai, ka buga wasiƙar kwafi biyu, ka haɗa fotokwafin takardar asibiti, abokinka ya kai ofis. Ta asali ta zauna a hannunka, domin ƙila wasu malaman ma za su nema. Saƙon WhatsApp ya tsaya a matsayin sanarwa, a lokacin aiki, ba tsakar dare ba: sallama, sunanka da kwas, sannan cewa ka aika wasiƙa ta imel game da rashin lafiya. Ban da saƙon murya.

Idan jikin ya yi tsanani har ba ka iya duk wannan, layi uku daga wayar ɗan'uwanka sun isa: wane ɗalibinku ne, yana kwance a asibiti tun ranar kaza, zai rubuto da kansa in ya samu sauƙi. Wannan ɗan saƙon yana riƙe maka ƙofa. Cikakkiyar wasiƙa sai ta biyo baya, tana ambaton ranar da aka aika shi.

Inda misalin ke canzawa

Idan aikin na rukuni ne, ka fara da abokan aikinka kafin malam. Ka tura musu duk abin da ke kwamfutarka a ranar da ka kwanta, don kada sashenka ya tsare nasu. Sau da yawa abin da ya dace ka nema ba ɗage wa rukunin duka ba ne, sai dai a bar su su miƙa a kan lokaci, sashenka ya biyo baya, ko a ɗage maka ranar da za ka yi bayanin naka. Ka rubuta a wasiƙar wane sashe ne naka, da sunan fayilolinsa.

Idan kuma jinyar ta wuce mako ɗaya ko biyu, kamar wanda aka kwantar saboda taifot ko tashin ciwon sikila ko haɗari, maganar ta fi ƙarfin malami guda. Ta shafi halartar lacca da gwaje-gwaje, ƙila har jarrabawa. A nan wasiƙar shugaban sashe za ta je, ta hannun malamin da ke kula da ajinku, sannan kowane malamin kwas ya samu kwafi. Mai ciwon da ke tashi lokaci zuwa lokaci, gara ya sanar da mai kula da ajin tun farkon shekara, da takardar likitansa, don ranar da abin ya taso kada ya fara bayani daga tushe yana kan gado.

Idan wa'adi ya riga ya wuce kafin ka iya rubutawa, ginin wasiƙar bai canza ba, sai dai ka ƙara jimla ɗaya mai faɗin abin da ya hana ka sanarwa da wuri, kuma ranakun takardar asibiti su rufe ranar wa'adin kanta.

Bayan ka aika

Shiru ba amincewa ba ne. Idan kwana ɗaya na aiki ya wuce ba amsa, ka sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko da layi ɗaya na tuni, ko wakilin aji ya tuna masa bayan lacca. Kafin amsa ta zo, ka ɗauka Juma'a tana nan daram.

Idan ya amince da baki, a bakin ofis ko a hanyar masallaci, ka koma ka tura gajeren saƙo: "Na gode, ranka ya daɗe. Kamar yadda kuka amince, zan miƙa kod ranar Talata da 12, rahoto ranar Alhamis." Ba rashin yarda ba ne. Mai yiwuwa wani mataimaki ne zai duba ayyukan, shi kuma jerin waɗanda suka makara kawai zai gani. A cikin saƙon ka tambayi ta inda za ka miƙa, domin shafin ɗora aiki yana iya rufewa da kansa ranar Juma'a, sai malam ya buɗe maka ko ya ce ka turo ta imel.

A kwanakin ƙarin, abokanka sun riga sun miƙa nasu, kuma wani zai ce bari ya turo maka ka duba yadda ya yi lissafin tara. Kada ka karɓa. Aikin da ya zo a makare a keɓe ake duba shi, a natse, kuma malam yana da rabin da ka tura ranar Laraba. Idan sabon sashen ya zo da salon rubutu daban da sunaye daban da na tsohon, a fili zai gani. Ka ci gaba da yin `commit` kowace rana, domin tarihin ya nuna aikin ya tashi daga inda ya tsaya da hannunka.

Idan ranar Lahadi ta yi ka ga kuskuren waƙafin ya ci awa tara maimakon shida, kada ka nemi ƙari na biyu. Ka rage buri: lissafin tara ya tsaya a mafi sauƙin siffarsa, kuɗi kaza a kowace ranar makara, ka rubuta a rahoto abin da bai kammala ba da dalilinsa, ka miƙa ranar Talata kafin sha biyu. Ƙari na biyu sai idan zazzaɓin ne ya dawo, kuma a lokacin asibiti za ka fara komawa, ka karɓo sabuwar takarda.